Awon yaro mai sikila: abin da ƙwararriya ke karantawa a sikeli, kwano da kofin ruwa

Ƙwayar jan jini a jikin mai lafiya takan yi kimanin kwana 120 tana aiki kafin ta mutu. A jikin yaro mai cutar sikila, wadda muke kira amosanin jini, kwana 10 zuwa 20 kawai take yi. Don haka ɓargonsa ba ya samun hutu, dare da rana yana haɗa sabon jini don cike gurbin wanda ya farfashe, zuciyarsa kuma tana ƙara ƙaimi don ta zagaya da ɗan jinin da ke akwai. Duk wannan aiki da abinci ake biyansa. Masu bincike sun auna sun ga cewa ko yana kwance bai motsa ba, jikin irin wannan yaro na ƙona abinci fiye da na sa'ansa da kimanin kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari. Ga shi kuma sau da yawa ba ya jin cin abincin, ga ƙodarsa ba ta iya riƙe ruwa.

Wannan ba lamarin 'yan tsiraru ba ne a wajenmu. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2006 ya ƙiyasta cewa ana haifar jarirai kimanin 150,000 masu wannan cuta duk shekara a Najeriya, adadin da babu wata ƙasa da ta kai shi. A asibitocinmu ranar ganin masu sikila layi ne har bakin ƙofa, kuma a cikin ma'aikatan da ke zaune a ranar akwai wadda aikinta ke burge ni fiye da na kowa: jami'ar da ke duba cimar yaro da girmansa. Kayan aikinta sikeli ne, da allon awon tsayi, da ɗan tef na awon damtse, da kati. Abin da ya sa aikin ya zama gwaninta shi ne, a jikin mai sikila alamomin da aka saba dogaro da su suna yaudara. Yaron kullum a ɗashe yake, to yaushe ɗashewar ta zama labari? Kullum siriri ne, to yaushe sirantar ta zama tamowa? Fitsari yake ta yi ko da jikinsa ya bushe. Ƙwararriya ba ta tsaya ga gwada shi da sauran yara. Tana gwada shi da kansa, da yadda yake lokacin da yake lafiya lau.

Mu ɗauki misalin yaro ɗan shekara 7, mai nau'in SS, wanda uwarsa ta kawo shi a watan Afrilu, tsakiyar bazara. Ba ciwon ne ya tashi ba, ranar zuwansu ce kawai ta zagayo.

Kafin ta ɗora shi a kan sikeli, jami'ar takan tabbatar da shekarunsa tukuna, domin jadawalin girma wata-wata yake tafiya, kuma kuskuren wata shida na iya mai da yaro mai matsala ya zama kamar ba shi da ita. In babu takardar haihuwa sai ta bi ta hanyar da iyaye mata ba sa mantawa: kafin azumi ne ko bayan Babbar Sallah, da damina ne ko da kaka. Sannan a cire takalmi da hula da riga mai nauyi. Takan duba sikelin ta ga ya koma sifiri, kuma in da hali wanda aka yi amfani da shi wancan zuwan shi za a sake hawa. Wajen tsayi kuwa, diddige da ɗuwawu da kafaɗa da ƙeya su taɓa allo, ido ya kalli gaba sak, a auna sau biyu. In yarinya ce mai tulin kitso a tsakar ka, sai a san yadda za a yi, don kitso ba tsayi ba ne. Yaron da bai kai shekara 2 ba a kwance ake auna shi.

Akwai abubuwa biyu da wanda bai saba da masu sikila ba zai iya tsallakewa. Ba a ɗaukar tsayin yaron da baya ko ƙugu ke yi wa ciwo, domin ba zai miƙe ba, kuma lambar da aka rubuta a ranar za ta ɓata lissafin shekara guda. Haka nan nauyin da aka ɗauka bayan an yi masa ƙarin ruwa ko na jini ba nauyinsa na gaskiya ba ne. Shi ya sa za ka ga ƙwararriya ta rubuta a gefen kowace lamba halin da yaron ke ciki a ranar.

Yaronmu ya ba da kilo 17.0, tsayi santimita 113. A jadawalin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2007, wanda ake amfani da shi daga shekara 5 zuwa 19, matsakaicin yaro namiji ɗan shekara 7 yana da kilo 22.9 da santimita 121.7. Layin da ake cewa yaro ya gaza nauyi in ya faɗo ƙasa da shi yana wajen kilo 17.7, namu kuwa ya riga ya faɗo. A tsayi bai kai ga tsumburewa ba, don wannan layin yana wajen santimita 111. In aka raba nauyinsa da tsayinsa a mita sau biyu, wato lissafin da ake rubutawa BMI, za a sami 13.3, layin ramewa kuwa 13.1 ne. Yana dab da shi.

Da a nan aka tsaya, sai a ce ai haka masu sikila suke, a sallame su. Kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Babban binciken nan na Jamaika, wanda ya gwada jinin jarirai 100,000 a birnin Kingston daga 1973 zuwa 1981 ya kuma bi masu cutar har girmansu, ya nuna cewa ana haifar su da nauyi daidai da na kowa, daga baya ne suke fara zamewa a shekarun farko, nauyi ya fi tsayi shan wuya, balaga ta yi jinkiri, amma da yawansu sukan cim ma tsayin sa'anninsu a ƙarshe. To amma jami'ar ba lambar yau take nema ba, hanyar da yaron ke bi take nema. Sai ta buɗe katin ta koma wata shida baya: kilo 17.1, santimita 111.5. Yaro mai waɗannan shekaru ya kamata ya ƙara kimanin kilo 2 da santimita 5 zuwa 6 a shekara. Wannan a rabin shekara ko giram ɗaya bai ƙara ba, tsayin ma wajen rabin abin da ake sa rai ya yi. Yaron da ke tafiya a ƙasan layi amma yana hawa tare da layin, jikinsa ne haka. Wanda layinsa ya kwanta, wani abu ya same shi, kuma dole a nemo shi.

A ganina sakacin da ya fi yi wa waɗannan yara illa shi ne wannan kalma ta “haka suke”. Bincike a Kano ya nuna cewa a cikin yara masu sikila 'yan shekara 5 zuwa 12, waɗanda nauyinsu ya yi ƙasa sun fi fuskantar haɗarin mutuwa da wuri. Su kuwa shirye-shiryen yaƙi da tamowa galibi a shekara 5 suke tsayawa, har tef ɗin awon damtse mai ja da ɗorawa da kore na 'yan wata 6 zuwa 59 ne. Ɗan shekara 7 in ba a asibitin sikila aka lura da shi ba, babu mai lura da shi.

Sai ta sa hannu a jikinsa. Takan danna saman ƙafa da babban yatsa na daƙiƙa uku ta ga ko gurbi zai zauna, domin kumburi na ƙara nauyin ƙarya. Takan lalubi saifa a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu, ta rubuta yatsu nawa ta sauko. Saifar da ta girma tana matse ciki, yaro ya yi loma uku ya ce ya ƙoshi. Sannan ta ce masa, “Yaron kirki, fito da harshenka mu gani.” Harshen ya yi ja, ya yi sumul, ƙananan ƙurajen nan da ke sa harshe kaushi sun shafe, gefen baki kuma ya ɗan tsage. Ba ta ce komai ba tukuna. Ta juya ga uwar.

Nan ne gwanintar ta fi fitowa fili, don tambaya ma ilimi ce. In ka ce wa uwa “Yana cin abinci?” amsa ɗaya za ka samu, “Yana ci, alhamdu lillahi,” kuma ba ƙarya ta yi ba. Ƙwararriya takan ce, “Maman yara, mu koma jiya. Da ya tashi da safe, me ya fara sa wa bakinsa?” Daga nan ta bi yinin daki-daki har kwanciya. Koko da safe, rabin kofi, ba ƙosai. Naira kaɗan na tara a makaranta, alawa ya saya. Da rana taliya da manja. Da dare tuwon masara da miyar kuka.

“Shi kaɗai yake ci, ko da 'yan'uwansa?”

“Kwano ɗaya ne su huɗu, Sista. Shi dai ba ya da hanzari, kafin ya yi biyu sun yi biyar.”

Wannan amsa ta fi gwaje-gwaje da yawa amfani. Tuwon da aka zuba ya isa yara huɗu, amma rabon mai sanyin hannu bai kai na ɗaya ba. Jami'ar takan kuma tambayi kwana nawa ya yi a kwance cikin watannin nan, domin duk tashin ciwo ko zazzaɓi yana cinye kwanaki na rashin ci a daidai lokacin da jiki ya fi buƙata. Uwar ta ce zazzaɓin cizon sauro ya kayar da shi sau biyu tun bayan kaka. Ta ƙara da cewa, cikin yabo, yaron ba shi da ƙiriniya, zama yake yi wuri ɗaya. Wanda ya san cutar ba ya jin wannan a matsayin yabo kawai. An lura cewa yara masu sikila sukan rage motsi don su tanadi ƙarfin da ɓargo da zuciya ke cinyewa, don haka yawan zama na iya zama alamar abincin bai isa ba.

Sai maganar ƙaramar ƙwayar nan mai ruwan ɗorawa da kusan kowane mai sikila ya sani, folik asid. Folet sinadari ne daga dangin bitamin B wanda jiki ba zai iya haɗa sabuwar ƙwayar halitta ba sai da shi. Ɓargon da ke aiki ninkin-ba-ninkin yana shanye shi da sauri, ajiyarsa a hanta kuma ko a mai lafiya 'yan watanni kawai take kaiwa. In ya ƙare, ƙwayoyin jinin da ke ɓargo sai su yi ta girma ba su iya rabuwa, su fito 'yan kaɗan kuma manya-manya. Mai lafiya zai daɗe kafin ya ji a jikinsa, don jininsa na kwana 120 ne. Wanda jininsa ke ƙarewa cikin mako biyu ba shi da wannan sarari.

Jami'ar ba ta tambayi ko yana shan maganinsa ba. Cewa ta yi, “Ɗan nuna mini abin da yake sha.” Uwar ta kwance bakin gyale ta fito da ƙullin leda. Ga farar ƙwayar rigakafin zazzaɓi, ga kuma wata mai ruwan ɗorawa. Jami'ar ta juya ledar ta karanta: bitamin B ne na gama-gari, wanda ba shi da folik asid a ciki. Nasa ya ƙare wata biyar da suka wuce, aka aiki yaro kemis ya ce a ba shi “mai ruwan ɗorawa”, aka ba shi wannan, tun daga nan shi ake saye. Uwar ba ta tsallake ko kwana ɗaya ba. Abin da nake so a wannan jami'a shi ne ba ta nuna wa matar ta yi laifi ba; ta ajiye ƙwayoyin biyu a tafin hannunta ta nuna mata cewa ido ba zai raba su ba, sai rubutun jikin leda.

Sakamakon gwajin jini ya zo ya gaskata harshen da ledar. A katinsa PCV, wato kason jajayen ƙwayoyi a cikin jini, ya saba zama 24. Yau 20 ne. Ga yaro mai lafiya duka biyun ƙarancin jini ne, amma ga wannan yaro 24 gida ne, 20 kuwa labari ne. Girman ƙwayoyin, wanda takardar ke rubutawa MCV, ya tashi daga 84 zuwa 101. Sababbin ƙwayoyin da ɓargo ya saki kwanan nan, waɗanda suka saba zama kashi 10 cikin ɗari a jininsa, sun sauko zuwa 3. Jini ya ragu, ƙwayoyi sun yi girma, ɓargo ya rage fitarwa: hoton ƙarancin folet ke nan.

Amma ba ta yi saurin yanke hukunci ba, don akwai masu kama da shi. Maganin haidiroksiyuriya, wanda yanzu ake ba yara da yawa don rage tashin ciwo, shi ma yana ƙara girman ƙwayoyin jini, kuma a wajen mai shansa wannan alama ce ta cewa yana sha. Yaronmu ba ya shansa. Ƙarancin bitamin B12 yana ba da hoto iri ɗaya sak, kuma yaron da nama da ƙwai da madara suka yi wa nisa yana iya samunsa. Wannan ya fi haɗari, domin folik asid na iya gyara jinin alhali lalacewar jijiyoyi na ci gaba a ɓoye. Don haka ta tambayi ko yana jin ƙafarsa na yi masa kamar ana tsira masa allura, ta sa shi ya yi tafiya ta gani, ta kuma nemi likita ya sa a gwada. Ta tambayi magungunan da ya sha lokacin zazzaɓi, tunda irin su saftirin da fansida suna aiki ne ta hanyar toshe folet. In da jinin faɗuwar farat ɗaya ya yi, sababbin ƙwayoyin suka kusan ɓacewa bayan wani ɗan zazzaɓi, to wannan wata ƙwayar cuta ce da ke tsayar da ɓargo na kwanaki, kuma maganarta ta gaggawa ce, ba ta cima ba.

Ya kamata a faɗi iyakar wannan ƙwaya, don an ɗora mata abin da ba nata ba. A nan ana ba da miligiram 5 a rana, a Amurka galibi miligiram 1. Buƙatar yaro mai lafiya ɗan shekara 4 zuwa 8 kuwa kashi ɗaya cikin 25 ne na ƙwayar tamu. A gwajin da aka buga a 1983 daga Jamaika, an raba yara 117 gida biyu, wasu na shan folik asid wasu ba sa sha, tsawon shekara guda. Folet ya ƙaru a jinin masu sha, amma ba a ga wani bambanci a fili ba wajen yawan jini ko girma. Ma'anar wannan a wurina ita ce ƙwayar kariya ce daga faɗawa ramin da yaronmu ya faɗa, musamman inda cima ta yi rauni kuma zazzaɓi ke ƙara farfasa jini. Ba ta sa yaro ya yi ƙiba, ba ta hana tashin ciwo, ba ta kuma maye gurbin kwano.

A kwanon kuwa folet ba shi da tsada. Dafaffen wake giram 100 yana ɗauke da kusan abin da yaro mai lafiya mai waɗannan shekaru ke buƙata a rana. Akwai shi a gyaɗa, da alayyafo, da zogale, da kuɓewa ɗanya, da hanta, da ƙwai. Matsalarsa ba ya jure doguwar dahuwa, kuma ruwa yake bi. Ganyen da aka tafasa har ya yi laushi tiɓis aka tsiyaye ruwan aka zubar, an zubar da kaso mai yawa na folet ɗinsa. Shawarar jami'ar gajeriya ce: a sa alayyafo a miya daf da saukewa, wake ya shigo sau uku ko huɗu a mako ko da a ƙosai ne ko alale, yaron kuma a ware masa kwanonsa. Don cike giɓin ƙarfi, a ƙara masa ci biyu tsakanin manyan abinci, kunun gyaɗa mai kauri ko awara ko fura da nono, a kuma zuba cokalin mai a rabonsa, tunda babban cokali ɗaya na mai yana ba da kalori wajen 120 ba tare da ya cika ciki ba.

Uwar ta ce kakarsa ta sayo masa maganin ƙarin jini na kwalba, ko a fara ba shi? Jami'ar ta ce a dakata. Yawancin waɗannan kwalabe sinadarin ƙarfe ne a cikinsu, shi kuwa mai sikila in jininsa ya farfashe ƙarfen ba ya fita, jiki na sake amfani da shi. Wanda ake yi wa ƙarin jini a kai a kai ma tara shi yake yi har ya cutar da hanta da zuciya. Mai sikila na iya rasa ƙarfe kamar kowa, musamman mai tsutsar ciki, amma gwaji ne ke nuna haka, ba ɗashewar ido ba.

Saura ruwa, kuma nan ne alamomi suka fi yaudara. A can tsakiyar ƙoda, inda ake tace fitsari a mayar wa jiki ruwansa, iskar numfashi ta yi ƙaranci kuma gishiri ya yi yawa, wato daidai yanayin da ke sa ƙwayar jinin mai sikila ta lanƙwashe ta toshe ƙananan jijiyoyi. Tun yana ƙarami wannan wuri yake fara lalacewa. Ƙodar mai lafiya in ta ga ruwa ya yi ƙaranci takan rage fitsari ta kaurara shi. Ta mai sikila ko rabin wannan kauri ba ta iya kaiwa. Kamar randa ce mai tsaga, ko an daina zuba mata ruwa ba ta daina ɗiga. In jini ya rasa ruwa, ƙwayoyin ma sai su tsotse, sinadarin da ke cikinsu ya yi kauri, kuma ƙarin kauri ɗan kaɗan yana hanzarta lanƙwashewar ƙwarai da gaske. Daga nan ciwo ke tashi.

Saboda haka tambayar da ake yi wa kowace uwa, “Yana fitsari?”, ba ta da ƙarfi a nan; zai yi ta yi har ya bushe. Launin fitsarin ma ba abin dogaro ba ne: yana iya fita fari alhali jikin na neman ruwa, yana kuma iya yin duhu saboda farfashewar jini ko da ya sha ya ƙoshi. Tsunkular fatar ciki a ga ko za ta koma da sauri tana ruɗarwa a yaron da ya rame. Ƙwararriya takan duba cikin baki ta ga akwai yawu ko ya kafe, ta danna farce ta ƙirga ko jan zai dawo cikin daƙiƙa biyu, ta ji bugun jini, ta tambayi uwa ko idon ya faɗa fiye da yadda ta san shi. A ranar rashin lafiya kuwa babu abin da ya kai sikeli: nauyin da ya zube cikin kwana ɗaya ko biyu ruwa ne, kilo ɗaya lita ɗaya. Yaro mai kilo 17 da ya zo da gudawa yana da 16.2 ya rasa kusan kashi 5 cikin ɗari na nauyinsa. Ba za a san haka ba sai in an rubuta nauyinsa na ranar lafiya da kyau.

Lissafin abin da zai sha yana da ƙa'ida da likitocin yara ke bi tun 1957: mililita 100 ga kowane kilo na goman farko, 50 ga kowane kilo na goma na biyu, 20 ga abin da ya haura. Mai kilo 17 ke nan 1,000 da 350, jimla 1,350 a rana. Ga mai sikila wannan shi ne mafi ƙaranci, a irin zafin Afrilu kuwa, da ma'auni ke kaiwa 40 a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, akan nufi ninki ɗaya da rabi, wajen lita 2. Jami'ar ba ta ce wa uwar mililita ba. Ta ce leda huɗu na ruwan leda, ko kwatankwacinsu daga randar gida in ruwan mai tsabta ne, a rarraba daga safe zuwa dare, kuma kunu da koko da romo duk suna cikin lissafi.

Da ta bi yinin jiya ta fuskar ruwa, sai ta ga bai kai lita ɗaya ba, ta kuma gano dalilai biyu. A makaranta ba ya sha, don malami ba ya son yawan “zan fita”. A gida kuma daga la'asar an hana shi ruwa.

“Fitsarin kwance yake yi, Sista, ga shi ya girma. 'Yan'uwansa har tsokanarsa suke yi.”

“Ba ganganci ba ne, Maman yara, ba kuma lalaci ba. Ƙodarsa ce ba ta iya riƙewa. In kin hana shi ruwa fitsarin ba zai tsaya ba, jinin ne zai bushe.”

Suka tsara a ba shi mafi yawan ruwansa da safe da rana, da dare ya sha gwargwadon ƙishirwarsa, ya zaga kafin barci, a tashe shi sau ɗaya, a shimfiɗa leda ƙarƙashin zani. Ta rubuta wa malamin 'yar takarda cewa a bar shi da gorarsa a aji, a kuma bar shi ya fita. Ta ja kunnen uwar game da hunturu, lokacin da busasshiyar iska ke zuƙe ruwa ta numfashi da fata amma sanyi ya hana jin ƙishirwa, da kuma watan azumi, in yara suka fara gasar kai wa azahar ko la'asar. Ranar gudawa ko amai kuwa ruwa zalla bai isa ba, sai an haɗa da ruwan gishiri da sukari na ƙunshi. Ta kuma faɗi iyakar abin: ruwa ba ya maye gurbin asibiti in zazzaɓi ya zo, ko numfashi ya yi wuya, ko yaro ya ɗashe farat ɗaya cikinsa ya kumbura ta hagu. Ko a asibitin ma ƙarin ruwa ta jijiya in ya wuce kima yana iya taruwa a huhu, shi ya sa ake auna shi da awo.

An mayar da yaron kan folik asid na gaskiya, aka ce su dawo bayan mako huɗu, ba wata uku ba. In folet ne matsalar, sababbin ƙwayoyin jini za su tashi cikin mako guda, harshen ya warke, PCV ya kama hanyar komawa 24. Nauyi ya kamata ya fara motsi ko da 'yan giram ɗari ne. Tsayi kuwa sai an ba shi wata shida kafin a yi masa hukunci. In an gyara kwano da kofi da ƙwaya amma layin bai tashi ba, jami'ar takan miƙa shi ga likita a nemi tarin fuka, tsutsar ciki, cuta mai karya garkuwar jiki ko matsalar ƙoda, a kuma duba ƙarancin zinki, wanda masu sikila ke zubarwa a fitsari kuma rashinsa ke hana tsayi da jin yunwa. A nan ne kuma ake tattauna fara haidiroksiyuriya. In kuwa lissafin BMI ya faɗo ƙasa da 12.3, wanda a shekarunsa shi ne layin tamowa mai tsanani, shawarar girki ta daina isa. A wani gwaji da aka yi a Kano kan yara 110 masu sikila 'yan shekara 5 zuwa 12 da suka kai wannan mataki, an ba su abincin nan na ƙunshi mai gyaɗa da madara da ake ba ƙananan yara masu tamowa, kuma cikin mako 12 kusan biyu cikin biyar sun fita daga matakin mai tsanani.